Yadda Ake Zaɓa Tsakanin Kwad da Alwatika a Kafaɗa da Gwiwar Surar Wasan Komfuta

Duk wanda ya taɓa ƙera surar mutum a Blender ko Maya ya ji ana cewa a yi komai da kwad, wato fuska mai kusurwa huɗu, a guji alwatika mai kusurwa uku. Maganar tana da gaskiya, amma ba a cika faɗin dalilinta ba, shi ya sa za ka ga sura kwad zalla daga kai har ƙafa, amma da an lanƙwasa gwiwarta sai ta lotse kamar tiyo. Abin da ke sa gaɓa ta lanƙwasu da kyau shi ne layukan ragar su kwanta daidai inda fata za ta naɗe. Kwad yana sauƙaƙa shimfiɗa waɗannan layukan, alwatika kuma yana kafe hanyar naɗewa wuri guda. Kowannensu da ranarsa.

Ga kalmomin da za mu yi aiki da su. Raga ita ce jikin surar gaba ɗaya. Ɗigo shi ne inda layuka suka haɗu, fuska kuma ita ce filin da layuka suka kewaye. Zobe shi ne jerin layuka da suka zagaye hannu ko ƙafa suka koma inda suka faro. Mararraba ita ce ɗigon da layuka uku ko biyar suka haɗu a kansa maimakon huɗu. Sunayen umarni na Blender ne, amma ƙa'idar ɗaya ce a kowace manhaja.

Mataki na farko: san inda surar za ta ƙare

Katin girafik bai san kwad ba. Duk kwad da ka zana, kafin ya bayyana a allo sai an tsaga shi gida biyu da layi daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta. Kwad dubu 10 alwatika dubu 20 ne a wurin injin wasa. Saboda haka yin aiki da kwad ba ya rage wa injin nauyi, yin aiki da alwatika ma ba ya ƙara masa.

Hanyar tsagawar biyu ce, kuma nan matsalar take. Muddin ɗigo huɗun suna kwance a shimfiɗe, ko ta ina aka tsaga ɗaya ne. Da zarar gaɓa ta motsa, ɗigo ɗaya ya ɗaga, sai fuskar ta karye a kan layin tsagar: ta wannan hanya ta yi tudu, ta waccan ta yi kwari. Idan ba kai ka zaɓi layin ba, manhaja ce za ta zaɓa maka, kuma ba lallai zaɓin Blender ya zo ɗaya da na injin wasa kamar Unity ko Unreal ba.

To, ka tambayi kanka: za a ɗora wa surar `Subdivision Surface` a lokacin fitar da hoto, kamar yadda ake yi a fim, ko kuwa injin wasa za ta shiga yadda take? Wannan hanyar sulɓa raga ita ce wadda Edwin Catmull da Jim Clark suka wallafa a 1978. Tana raba kowane kwad gida huɗu daidai wa daida, amma alwatika sai ta raba shi kwad uku da mararraba mai layi uku a tsakiya. A wuri mai lanƙwasa wannan mararraba tana fitowa kamar an tsunkuli fatar, haske ya karye a kanta. Don haka surar fim tana son kwad zalla a gaɓoɓi. Surar wasa kuwa, da ba za a sulɓa ta ba, tana ɗaukar alwatika lafiya lau idan an san inda aka ajiye shi.

Ko ta wasa ce, a fara da kwad. `Ctrl+R` yana ratsa kwad ne kawai, ya ci karo da alwatika ya tsaya. Zaɓen zobe da `Alt` da dannawa shi ma yana tsayawa a mararraba. Kuma rabon nauyin ƙashi, wato yawan ikon da kowane ƙashi ke da shi a kan motsin ɗigo, zobe-zobe ake yinsa, sai zoben ya zagaya ba yankewa aikin ke sauri.

Mataki na biyu: gwiwa, da dalilin lotsewarta

A ɗauki ƙafar mutum mai tsawon mita 1.8, mai layuka 12 a tsaye, ma'ana kowane zobe yana da ɗigo 12. Faɗin gwiwa kamar santimita 12, wato santimita 6 daga tsakiya zuwa fata. Don sauƙin magana a ɗauki zoben kamar fuskar agogo: ƙarfe 12 shi ne gaba, kan ƙoƙon gwiwa, ƙarfe 6 baya, 3 da 9 kuma gefe da gefe.

Abin da mai koyo ya fi yi shi ne ya sa zobe ɗaya a tsakiyar gwiwa, ya ba shi rabi na ƙashin cinya rabi na ƙashin ƙwauri. Komfuta tana lissafa inda cinya za ta kai ɗigon, da inda ƙwauri zai kai shi, sai ta ajiye shi a tsakaninsu a kan miƙaƙƙen layi. Miƙaƙƙen layi kuwa yana yanke kwana ne, ba ya bin bakan da'ira, saboda haka ɗigon yana matsowa kusa da mahaɗar ƙashi. Lissafin ga shi:

```
sabuwar_tazara = tazara * cos(kusurwa / 2)
```

A digiri 90, santimita 6 ta koma 4.2. A digiri 120 ta koma 3, rabi ke nan cif. A digiri 140, inda mai tsuguno yake kaiwa, saura kusan 2. Ɗigon ƙarfe 3 da na 9 ba sa matsawa, domin suna kan layin da gwiwar ke juyawa a kai. Shi ya sa gwiwar ke yin faɗi ta gefe ta lotse ta gaba. Ka lura babu ruwan kwad ko alwatika a wannan lalacewa. Laifin na rabon rabi da rabi ne a kan ƙoƙon gwiwa.

Maganin shi ne kada a bar ɗigon gaba ya zauna a rabi da rabi. A sa zobe biyu maimakon ɗaya, na sama santimita 2 bisa mahaɗar, na ƙasa santimita 2 ƙarƙashinta. Na sama a ba shi 0.8 na cinya da 0.2 na ƙwauri, na ƙasa a juya masa rabon. Da wannan rabo, a digiri 120 ɗigon yana riƙe kusan kashi 72 cikin ɗari na tazararsa maimakon 50, kuma fuskokin da ke tsakanin zoben biyu su ne ke miƙewa su rufe ƙoƙon. Sai a ƙara zobe ɗaya kamar santimita 8 sama, ɗaya santimita 8 ƙasa, kowanne kusan duka nauyinsa na ƙashinsa. Ita ma mahaɗar ƙashin a ɗan turo ta gaba da tsakiyar ƙafa, kamar santimita 1, domin ƙoƙon ya fito da kusurwa.

Bayan gwiwa kuwa akasin haka yake so. Can fata ba miƙewa take ba, naɗewa take. Zobe biyu masu tazarar santimita 4 a baya, da an lanƙwasa sai su tunkuɗi juna, na sama ya kutsa cikin sha-raɓa, na ƙasa ya kutsa cikin cinya, a ga wani baƙin tsagi mai haƙora. Nan ne hanya ta rabu biyu.

Idan surar wasa ce, a haɗe zoben biyu su zama ɗaya a baya. A zaɓi ɗigon ƙarfe 4 na sama da takwaransa na ƙasa, a danna `M` a zaɓi `At Center`. A maimaita wa 5, 6, 7 da 8. Abin da zai rage tsakanin zoben biyu shi ne kwad 6 a gaba, da alwatika 2, ɗaya tsakanin ƙarfe 3 da 4, ɗaya tsakanin 8 da 9. Ɗigo biyar ɗin da aka haɗe a ba su rabi da rabi. Yanzu wancan matsowar da ta ɓata gaba ita ce ke gyara baya, domin tana jan layin ciki ya zama kwarin da fata ke yi a bayan gwiwar mutum. Alwatikan biyu kuma sun faɗo dab da layin juyawa, inda motsi ya fi ƙaranci, tsininsu yana kallon baya. Da an lanƙwasa sai su buɗe kamar mafici. Wannan alwatika ya fi duk wani kwad da za a cusa a wurin amfani, kuma ba abin kunya ba ne a bar shi.

Idan surar fim ce, kada a haɗe. Ɗigon ƙarfe 4 da aka haɗe ya zama mararraba mai layi biyar, ga ta tsakiyar alwatika mai uku da za ta fito bayan sulɓawa, duka biyun maƙwabtan juna a gefen gwiwa inda haske ke bi. A bar zobba su zagaya gaba ɗaya, a sa uku ko biyar, sai a gyara tazararsu: su matsu a gaba inda za su miƙe, su ware a baya domin su sami filin naɗewa. Idan ka kalli ƙafar daga gefe za ka ga layukan sun bazu ta baya, na tsakiya ne kawai a miƙe. Ana turo ɗigo a kan layinsa ba tare da ɓata siffa ba ta danna `G` sau biyu.

A cikin `Armature`, wato saitin da ke sa raga ta bi ƙasusuwa, akwai akwatin `Preserve Volume` wanda ke hana lotsewa ta wata hanyar lissafi dabam. Yana taimakawa a murɗawa, amma yakan kumbura gwiwa fiye da kima, kuma injinan wasa da yawa ba da shi suke lissafi ba. Idan wasa ka nufa, ka kashe shi yayin gwaji domin ka ga abin da mai wasa zai gani.

Mataki na uku: kafaɗa

Gwiwa hanya ɗaya take bi, kamar ƙyauren ƙofa. Kafaɗa kuwa tana ɗagawa, tana zuwa gaba da baya, tana murɗawa. Dabarar alwatikan gwiwa ta yi aiki ne saboda mun san layin naɗewa tun kafin a motsa. A kafaɗa layin yana canzawa da kowane motsi, alwatikan da ya dace da ɗaga hannu sama zai iya tokare naɗewa idan aka miƙa hannu gaba. Saboda haka a nan kwad ne abin dogaro, ko ga surar wasa.

A ƙera surar hannayenta sun sauko kamar digiri 45, ba a miƙe tsaf a gefe ba. Wannan tsayuwa tana kusa da tsakiyar zangon motsin da aka fi yi, sai saman kafaɗa da hammata su raba wahalar.

Yanzu maganar mararraba. Hannu mai layuka 12 yakan fito ne daga filin fuskoki uku sau uku a gefen ƙirji, domin kewayen wannan filin layi 12 ne. Da ka danna `E` ka zaro hannun, kowace kusurwa ta filin ta zama mararraba mai layi biyar, guda huɗu ke nan. Ba a iya kawar da su, sai dai a kai su inda ba za su yi ɓarna ba. Idan aka bar su yadda suka fito, biyu na ƙasa suna faɗawa daidai bakin hammata, gaba da baya, inda fata ta fi naɗewa. Mararraba a kan layin naɗewa tana tara layuka biyar su ja ɗigo ɗaya, sai wurin ya yi tsini, inuwa ta yi tauraro.

Yadda ake kauce wa wannan: kafin a zaro hannu, a zaɓi filin a danna `I` sau biyu, kowane karo a shigo ciki kaɗan. Mararrabun suna zama a kewayen waje, zobba biyu masu tsabta kuma su shiga tsakaninsu da gaɓar. Sai a ja mararrabun da `G` sau biyu: ta gaba ta sama zuwa ƙasan ƙashin da ya tashi daga gindin wuya, ta gaba ta ƙasa zuwa kan faffaɗan naman ƙirji, na baya biyu zuwa kan allon kafaɗa da gefen haƙarƙari. Ma'aunin da za ka riƙe shi ne, duk mararraba ta zauna inda ƙashi ɗaya ke riƙe da kusan duka nauyin ɗigon. Wurin da nauyi ya rabu tsakanin ƙashi biyu ko uku, a bar wa kwad masu layi huɗu-huɗu.

Daga nan a tabbatar akwai aƙalla zobba uku da suka bi ta saman kafaɗa suka ratsa ta hammata, huɗu ko biyar ga surar da kyamara za ta matso kusa da ita. A saman kafaɗa su bi siffar tsokar da ta lulluɓe kan dantse kamar hula. A hammata kada a matse su wuri ɗaya, domin idan hannu ya tashi sama can ne fata ta fi miƙewa, idan ya sauko kuma can ta fi naɗewa. Fuskokin su kasance kusa da murabba'i. Dogon siririn kwad, idan aka murɗa dantse, yana tsagewa zuwa alwatika biyu masu kama da tsinke, kuma su ne ke jawo zane-zanen inuwa a kan kafaɗa.

Wani abu da raga ba za ta iya gyarawa ba, komai kyanta: a jikin mutum, cikin digiri 180 na ɗaga hannu sama, kusan 120 ne ke fitowa daga mahaɗar dantse, sauran kusan 60 daga juyawar allon kafaɗa. Idan ƙwarangwal ɗin surar ba shi da ƙashin `clavicle`, wato wanda ya tashi daga gindin wuya zuwa kafaɗa, ko yana da shi ba a motsa shi, dantse kaɗai zai ɗauki duka juyawar, kuma lissafin nan na gwiwa zai faɗa wa saman kafaɗa ya lotsa shi. Mutane da yawa suna sake zana ragar kafaɗa sau uku alhali ƙashin ne ba su ɗaga ba.

Shin babu alwatika sam a wannan yanki? Akwai wurinsa. Idan kana son rage layuka daga 16 a kafaɗa zuwa 12 a hannu, ka yi ragin a tsakiyar dantse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ta ɓangaren ciki mai fuskantar haƙarƙari. Can ƙashi ɗaya ke mulki, fuskar ba ta canza siffa, ido ma bai cika kaiwa ba.

Mataki na huɗu: gwaji kafin a ci gaba

Kada a jira sai an gama fenti. Da zarar raga ta tsaya, a haɗa ta da ƙashi ta `Ctrl+P` da `With Automatic Weights`, a gyara rabon zobban gwiwa da hannu kamar yadda aka faɗa a sama. Sai a yi ɗan gajeren motsi: gwiwa a digiri 90 da 130, hannu a gefe digiri 90, hannu sama digiri 170 tare da ɗaga `clavicle`, hannu gaba ya ratsa ƙirji, da murɗa dantse ciki da waje. A kunna `Wireframe` a kan jikin, a ja lokaci a hankali ana kallo.

Kowace lalacewa tana da alamarta. Gaɓar da ta tsuke gaba ɗaya, rabon nauyi ne ko ƙarancin zobba. Tsini a ɗigo guda, mararraba ce a kan layin naɗewa. Fuskokin da suka kutsa cikin juna, zobba sun yi yawa a ɓangaren da ke naɗewa. Kwarin da ya fito da haƙora kamar zarto, wani kwad ya yi tudu maƙwabcinsa ya yi kwari, wannan kuma layukan tsaga ne ba su bi hanya ɗaya ba. Idan kafaɗar dama ta yi kyau ta hagu ta ƙi alhali ragar ɗaya ce, shi ma layin tsaga ne.

Ga surar wasa, a yi `Limit Total` a kan 4 sannan `Normalize All`, domin injina da yawa ƙashi huɗu suke karɓa ga kowane ɗigo. A kafaɗa ne aka fi wuce wannan adadi, kuma idan injin ya yanke na biyar da kansa, siffar za ta bambanta da wadda ka gwada.

Mataki na biyar: kafe layukan tsaga da hannunka

Wannan na surar wasa ne, ta fim tana zama da kwad ɗinta. A ajiye kwafin raga mai kwad domin gyaran gaba, a yi aiki a kan kwafi na biyu.

A fara da wuraren da ke da muhimmanci: bayan gwiwa, hammata, saman kafaɗa. A lanƙwasa gaɓar, a duba ta wace hanya kowane kwad yake son karyewa, a koma `Edit Mode` a zaɓi kusurwoyi biyun a danna `J`. A ɓangaren da ke naɗewa, layin ya bi kwarin. A kan tudu kamar ƙoƙon gwiwa da kan kafaɗa, ya bi ƙoƙuwar tudun domin kada ya dusashe shi. Idan an riga an tsaga ta hanyar da ba daidai ba, `Rotate Edge CW` yana juya layin. Kwad ashirin ko talatin ne a kowane ɓangare ke buƙatar wannan kulawa, sauran jiki a zaɓe shi a danna `Ctrl+T`.

Tsarin jere yana da tasiri. A tsaga rabin jiki kafin `Mirror` ya kwafe shi, domin layukan hagu su zama madubin na dama. Kuma kada a ajiye `Triangulate`, mai tsaga kwad da kansa, ƙarƙashin `Armature` da zaɓin `Shortest Diagonal` ko `Beauty`: yana sake lissafi a kowane motsi, sai layin ya riƙa tsalle daga wannan kusurwa zuwa waccan, inuwar kafaɗa ta riƙa ƙyaftawa. Idan ragar tana da `Shape Keys`, wato wasu siffofinta da aka ajiye, maɓallin `Apply` zai ƙi karɓar `Triangulate`, don haka a yi tsagar a `Edit Mode`.

Sai bayan an kafe alwatikan a gasa `Normal Map`, wato a fitar da taswirar da ke faɗa wa injin yadda haske zai sauka a kan fuskoki, kuma wannan ragar mai alwatika ita ce za a fitar zuwa injin. Taswirar tana lissafa haske ne bisa tsagar da ta tarar lokacin gashi. Idan aka gasa a kan wata tsaga injin ya yi wata dabam, za a ga alamar giciye mai duhu a tsakiyar fuskoki, musamman a kan kafaɗa inda kwad ɗin ba shimfiɗaɗɗu ba ne. Bayan shigar da surar cikin injin, a sake kunna wancan gajeren motsin gwaji a can, a kwatanta bayan gwiwa da hammata da abin da aka gani a Blender a kusurwa ɗaya.